Yadda ake taƙaita hirar waya da tsohon ogan mai neman aiki, a ware zahiri da ra'ayi

Idan an miƙo maka rikodin na hirar da aka yi da tsohon ogan wani mai neman aiki aka ce ka fitar da taƙaitawa shafi ɗaya, to ka sani mutanen da za su yanke hukunci mafi yawansu ba za su taɓa sauraron rikodin ɗin nan ba, takardarka kawai za su karanta, abin da ka rubuta shi ne abin da aka faɗa a wajensu. Shi ya sa aikin yake da nauyi. Mutum ya yi magana minti ashirin, a ciki akwai abin da ya sani, akwai abin da ya gani da idonsa, akwai abin da yake ji a ransa game da yaron, akwai kuma wanda a bakin wani ya tsinta, duk a cakuɗe suke fitowa wani lokacin ma a jimla ɗaya. Aikinka shi ne ka bambance aya da tsakuwa, ta yadda mai karatu zai san nauyin da zai ɗora wa kowace magana.

Zan bi da kai da misali guda tun daga farko har ƙarshe. A ce wani ya nemi aikin shugaban sito. A takardar tarihin aikinsa ya rubuta cewa ya yi aiki a wani kamfani daga Maris 2019 zuwa Agusta 2023, muƙaminsa shugaban sito, mutum shida a ƙarƙashinsa. An kira tsohon manajansa, hirar ta ɗau minti 18, yanzu rikodin yana hannunka.

Kafin ka danna komai

Abu na farko ka tabbatar an nemi izini. Mai neman aikin ya yarda a kira wannan mutumin, shi kuma mai ba da shaidar an gaya masa ana naɗar muryarsa ya ce to. Yawanci za ka ji wannan a daƙiƙun farko na rikodin ɗin, ka rubuta lokacin da aka faɗa. Idan ba ka ji ba, ka tsaya ka tambayi wanda ya yi kiran, kar ka ci gaba da aiki a kai. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai inda yardar mutum ɗaya ta isa, akwai inda sai duka ɓangarorin sun yarda kamar jihar Kaliforniya ta Amurka. A ƙasashen Tarayyar Turai kuma, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum damar ya nemi a nuna masa bayanan da aka ajiye a kansa. Ko a inda kake babu irin wannan, ka rubuta takardar kamar gobe mai neman aikin zai karanta ta a gabanka, za ka ga hannunka ya nutsu da kansa.

Sai ka ajiye abu uku a gabanka: takardar tarihin aikin mutumin, bayanin aikin da ake so a ɗauke shi a kai, da jerin tambayoyin da aka shirya yi.

Ka saurara sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka rubuta ko harafi ba. Mutane suna tsallake wannan don sauri, alhali mai magana sau da yawa yakan faɗi abu a minti na 4 sai ya zo minti na 15 ya gyara shi ko ya sassauta, idan ka riga ka rubuta na farkon da ƙarfinsa to shi zai zauna maka a kai.

Saurare na biyu, na tsinta

Yanzu ka ɗauko takarda ko ka buɗe shafi a kwamfuta ka yi gida uku: lokaci, abin da ya ce, da alama. Kana saurare kana tsayarwa. Duk maganar da ta shafi aiki ka rubuta ta da kalmominsa, ba naka ba, ka sa minti da daƙiƙa a gefe, misali 06:40. Gaisuwa da tambayar ya aiki ya gajiya ba sa buƙatar shiga. Hirar minti 18 za ta iya cin awa guda a wannan matakin, ba ɓata lokaci ba ne, nan ne aikin yake. In ma wata manhaja ce ta juya maka muryar zuwa rubutu sai ka bi da kunnenka, musamman wajen lambobi da watanni da ƙaramar kalmar nan ta korewa, don "ya yi" da "bai yi ba" idan layin waya ya ɗan karye sai su zama abu ɗaya.

Tun a nan ka fara neman amsar tambayar da ta fi kowacce: shi wannan mai maganar a ina ya tsaya yake kallo? A misalinmu, a 01:30 manajan ya ce, "Ni na zo kamfanin a farkon 2021, na same shi a can, shekara biyu da rabi muka yi yana ƙarƙashina kai tsaye." To ka ga wannan jimlar ta raba hirar gida biyu. Duk abin da zai faɗa game da 2021 zuwa 2023 zai iya zama ganau ne, duk abin da zai faɗa game da 2019 da 2020 kuwa ko dai a fayil ya gani ko an ba shi labari. Wannan sai ya zo a saman taƙaitawarka, don shi zai gaya wa mai karatu iyakar sanin mutumin.

Alama huɗu, ba biyu ba

Ana yawan cewa a raba gaskiya da ra'ayi, kamar gida biyu ne kawai. A aikace idan ka yi gida biyu za ka ga rabin maganganun sun ƙi shiga ko'ina. Ni huɗu nake ba da shawara.

Na farko abin da takarda za ta iya tabbatarwa, ka sa masa T. Ranar fara aiki, ranar bari, muƙami, yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa, ko an taɓa ba shi takardar gargaɗi, ko murabus ya yi ko sallamarsa aka yi. Amma ka kula da wani abu a nan: sa masa T ba ya nufin gaskiya ne, yana nufin ana iya bincikawa a gano. Manaja zai iya manta wata, zai iya haɗa ma'aikaci da wani. Har sai an duba takarda, magana ce da ya faɗa.

Na biyu abin da ya gani da idonsa ko ya faru a tsakaninsu, ka sa G. Wani takamaiman abu ne da ya auku a wani lokaci, wanda da akwai wani a wajen shi ma zai gani.

Na uku hukuncinsa, ka sa R, wato ra'ayi. Mai ƙoƙari ne, mai gaskiya ne, yana da girman kai, bai iya shugabanci ba. Na huɗu kuma abin da ya ji a bakin wani, ka sa J.

Idan magana ta rikita ka, ka tambayi kanka: mutum biyu masu gaskiya da suka yi aiki da yaron nan za su iya saɓawa a kan wannan ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba? Idan za su iya, ra'ayi ne. Ba za su saɓa a kan cewa an ba shi takardar gargaɗi biyu ba, sai dai ɗaya ya manta. Amma za su iya saɓawa a kan ko shi malalaci ne, kowa kuma da gaskiyarsa.

Bari mu gwada da wani yanki na hirar. A 06:40 aka tambaye shi yadda yaron yake wajen riƙe lissafin kaya, ga abin da ya ce:

"Gaskiya yaron yana da amana, wannan ba na shakka. Sai dai yana da sakaci. Akwai ƙidayar da muka yi a 2022 muka tarar katan 14 babu su a sito amma suna cikin littafi, hankalin kowa ya tashi. Da aka bincika ashe rasit ɗaya aka shigar sau biyu. Ka ga ai sakaci ne."

Wanda bai iya ba zai rubuta: ya yi sakaci har katan 14 suka ɓace. Wannan jimlar ƙarya ce duk da kusan kowace kalma a cikinta ta fito daga rikodin ɗin, don babu katan ɗin da ya ɓace, a littafi ne aka ninka. Ka yanka maganar gunduwa-gunduwa. "Yana da amana" R ne. "Yana da sakaci" R ne. Ƙidayar 2022 da giɓin katan 14 G ne, kuma ana iya tabbatarwa don ƙidayar sito tana barin takarda. Rasit da aka shigar sau biyu shi ma haka. Sannan ka sake sauraron kalmar da kyau, "aka shigar" ya ce, bai ce "ya shigar" ba. Bai faɗi wanda ya shigar ba. Wataƙila shi ne, wataƙila wani yaro ne a ƙarƙashinsa, wataƙila daga ofishin akanta ne. Wanda ya yi kiran bai tambaya ba, to kai ma ba ka sani ba, kuma ba huruminka ba ne ka cike giɓin. Ka rubuta cewa ba a bayyana wanda ya shigar da rasit ɗin ba, ka jefa shi cikin abubuwan da za a koma a tambaya. Wannan ƴar kalmar "aka" ita kaɗai za ta iya zama bambanci tsakanin mutum ya samu aiki ko ya rasa.

Ra'ayin da ya sa rigar zahiri

Waɗannan su suka fi cin mutane. Kalmomi irin su kullum, koyaushe, bai taɓa, kowa ya sani, da kuma lambobin da ake jefawa don ƙara wa magana gishiri, kamar "na yi masa magana ya fi sau ɗari". Suna kama da ƙidaya amma ba wanda ya ƙirga. A 09:15 manajan ya ce, "Kullum sai ya yi latti." Da wanda ya yi kiran ya ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa rubuta masa a kan hakan?" sai ya ce, "E, sau biyu na ba shi takardar gargaɗi, duk a 2021 ne, bayan nan gaskiya ya gyara sosai." To ka ga "kullum" ta koma takarda biyu a shekara guda, ga kuma gyara a bayanta. A taƙaitawa takardun biyu su shiga gidan T, maganar gyara ta biyo su a manne kar ka raba su, "kullum" ɗin kuma in za ta shiga to a gidan ra'ayi, cikin alamar ɗauko magana, don a san bakinsa ne.

Akwai kuma dalilin barin aiki. Cewa ya ajiye aiki da kansa a Agusta 2023 abu ne na takarda. Amma "ya tafi ne don ya ji haushin ba a tabbatar masa da muƙami ba" karatun zuciyar wani ne, sai dai in manajan ya ce shi da bakinsa ya gaya masa, nan kuma sai ka rubuta cewa manajan ya ce mai neman aikin ya gaya masa haka. Duk inda ka ji "saboda" ko "don" ka ɗan tsaya, abin da ya zo kafin kalmar yakan zama zahiri, abin da ya zo bayanta yakan zama zato.

Na J kuma ba shi da wuyar ganewa, da kansa yake sanar da zuwansa: na ji an ce, wai, an gaya min, labari ya zo min. A 12:05 ya ce, "Na ji wai ya taɓa yin rigima da wani direba kafin na zo, amma ni ban gani ba." Ni a nawa ganin irin wannan bai kamata ya shiga jikin taƙaitawa ba sam in bai shafi ainihin aikin ba. Idan kuma mai nauyi ne, kamar zargin sata ko cin zarafin wani, ba a binne shi kuma ba a rubuta shi kamar ya tabbata, a sa shi a ƙasa da lakabinsa: bai gani ba, bai faɗi wanda ya gaya masa ba, kafin zuwansa ne.

Ka saurari mai tambaya shi ma

Mutane suna zuba kunne ga mai amsa su manta da mai tambaya, alhali wani lokacin kalmar ba daga mai shaidar ta fito ba, a baki aka sa masa. A 13:20 wanda ya yi kiran ya ce, "Kenan dai yana da zafin rai ko?" manajan ya ce, "To, e, wani lokacin." Idan ka rubuta cewa manajan ya ce yana da zafin rai ka zalunci mutum biyu, yaron da manajan. Abin da ya faru shi ne an tambaye shi ko yana da zafin rai ya amsa da "wani lokacin" bai ba da misali ba. Haka za ka rubuta. Maganar da mutum ya kawo da kansa ba tare da an ja shi ba ta fi nauyi nesa ba kusa ba a kan wadda aka miƙa masa ya gyaɗa kai.

Sai batun shiru da yanayin murya. A 16:10 aka yi masa tambayar da ake yi a kusan kowace irin wannan hira, wato in dama ta samu zai sake ɗaukarsa? Ya yi shiru na ƴan daƙiƙu sannan ya ce, "A sito zan ɗauke shi ko gobe. Shugabanci kuma sai ya ƙara gogewa." Shirun nan yana jan hannu a rubuta "ya yi jinkiri, da alama bai gamsu ba". Kar ka yi. Ba ka san me ya sa ya yi shiru ba, ƙila tunani yake, ƙila wani ne ya shigo ofis, ƙila layi ne. Amsar da ya bayar ta wadatar, ka ɗauko ta kalma da kalma. Wannan tana cikin wurare biyu ko uku da ya kamata a kawo maganar mutum yadda ya faɗe ta, don duk yadda ka juya ta sai ka ƙara ko ka rage. Idan ka ce "zai sake ɗaukarsa" ka ɓoye rabi, idan ka ce "ba ya ganin ya cancanci shugabanci" ka ɓoye ɗaya rabin, kuma aikin da ake nema ɗin na shugabanci ne.

Inda maganarsa ta saɓa da takardar mai neman aiki

Yanzu ka jera duk masu alamar T kusa da takardar tarihin aikin. A misalinmu abu uku sun fito. Takarda ta ce Maris 2019, manaja ya ce "ina jin wajen ƙarshen 2019 ne". Takarda ta ce shugaban sito, manaja ya ce mataimaki ne, amma ya riƙe sito a matsayin riƙon ƙwarya wata takwas na ƙarshe. Takarda ta ce mutum shida, manaja ya ce huɗu.

Ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko mai rauni ne ƙwarai, mutumin bai zo kamfanin ba sai 2021, kuma shi da kansa ya ce "ina jin". Wannan "ina jin" ɗin kar ka yar da ita, duk inda mai magana ya sassauta da ina ganin, kamar dai, wajen, in ban manta ba, to sassaucin ya bi maganar har cikin taƙaitawa. Na uku zai iya zama bambancin ƙirga ne, wani yana haɗawa da leburorin wucin gadi wani ba ya haɗawa. Na biyu shi ne mai nauyi, don ya faru a lokacin da manajan yake wajen kuma ya shafi aikin da ake nema kai tsaye. Duk da haka kalmar "ƙarya" ba ta da gurbi a takardarka. Ka ajiye maganganun biyu gefe da gefe, ka faɗi inda za a tabbatar, wato sashen kula da ma'aikata na tsohon kamfanin ko takardar kama aiki da ta barin aiki, sannan ka ba da shawarar a tambayi mai neman aikin shi ma ya yi bayani.

Abin da ba ya shiga ko da an faɗa

A 14:40 manajan ya ce lattin nan ya zo ne lokacin da matar yaron ba ta da lafiya, har ya faɗi irin ciwon. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana nema masa uzuri ne. Amma ciwon matarsa ba abin kwamitin ɗaukar aiki ba ne. Lafiyar mutum ko ta iyalinsa, addini, ƙabila, aure, juna biyu, shekaru, siyasa, duk waɗannan a ƙasashe da dama doka ta hana a yi hukuncin ɗaukar aiki da su, kuma da zarar sun shiga takarda ba ka da iko a kan yadda wani zai yi amfani da su. Abin da za ka iya rubutawa shi ne manajan ya danganta lattin da wani uzuri na gida na ɗan lokaci wanda ya wuce. Ka ga uzurin ya isa ga mai karatu, sirrin kuma ya tsaya a inda yake.

Rubutawa

Wajen rubutu ka riƙe "ya ce" da "a cewarsa" ko da sun maimaitu sun gundure ka. Kalmomi irin su ya amsa laifin cewa, ya fallasa, ya yi iƙirarin, ya jaddada, ya koka, kowacce tana ɗauke da hukunci a ɓoye. "Ya yi iƙirari" tana nufin kai ba ka yarda ba, "ya tabbatar" tana nufin an gama magana. Sannan kowane ra'ayi ka manna masa misalin da ya bayar, in bai bayar ba ka faɗa a fili cewa bai kawo misali ba. Wannan ya shafi yabo kamar yadda ya shafi suka, "yaron kirki ne" da babu komai a bayansa ba ya gaya wa kowa ko zai iya riƙe sito.

Ga yadda tamu za ta kasance:

Mai ba da shaida: tsohon manajansa kai tsaye, daga farkon 2021 zuwa Agusta 2023. Bai yi aiki da shi kafin 2021 ba. Ya yarda a naɗi hirar (00:20). Tsawon hira minti 18.

Abin da za a iya tabbatarwa, a cewarsa: muƙaminsa mataimakin shugaban sito, ya yi riƙon ƙwarya wata takwas na ƙarshe (03:10). Mutum huɗu a ƙarƙashinsa (03:50). Takardar gargaɗi biyu kan latti, duk a 2021, ya ce bayan nan ya gyara, ya kuma danganta lattin da uzurin gida da ya wuce (09:15, 14:40). Da kansa ya ajiye aiki a Agusta 2023 (15:05).

Abin da ya gani: a ƙidayar 2022 an samu giɓin katan 14 tsakanin littafi da sito, bincike ya nuna rasit ɗaya aka shigar sau biyu, kaya ba su ɓace ba. Bai faɗi wanda ya shigar ba (06:40).

Ra'ayinsa: "yana da amana", bai kawo misali ba. "Yana da sakaci", misalinsa ƙidayar 2022 ce kaɗai. Da aka tambaye shi ko yana da zafin rai ya ce "wani lokacin", babu misali (13:20). Kan sake ɗaukarsa: "A sito zan ɗauke shi ko gobe. Shugabanci kuma sai ya ƙara gogewa." (16:10)

Saɓani da takardar mai neman aiki: muƙami, yawan ma'aikata, da ranar fara aiki (ya ce "ina jin" ƙarshen 2019, kuma kafin zuwansa ne).

Abin da za a bi: a tabbatar da muƙami da ranaku daga tsohon kamfanin, a tambayi wanda ya shigar da rasit ɗin, a ba mai neman aikin dama ya yi bayani kan muƙamin.

Ka lura rigimar direban ba ta shiga ba, haka ma ba a ce a ɗauke shi ko kar a ɗauke shi ba. Idan ogan naka ya ce yana son jin naka ganin, ka rubuta shi a ƙasa can ƙarƙashin layi da sunan cewa wannan fahimtar mai taƙaitawa ce, ko ma a takarda daban. Naka ra'ayin shi ne mafi haɗari a cikin duka, don ba ya zuwa da alama, a cikin zaɓen abin da ka sa a sama da abin da ka tura ƙasa yake ɓuya.

Dubawa ta ƙarshe

Ka koma rikodin ɗin da takardar a hannu, kowane layi ka je lokacin da ka rubuta a gefensa ka ji ko haka aka faɗa. Layin da ka kasa samo masa lokaci to daga kanka ya fito, ka goge shi. Sai ka duba ma'auni: idan mutumin ya yi kusan minti goma yana yabo minti uku yana suka, amma takardarka kashi biyu cikin uku suka ce, to ka karkata, kuma hakan yana faruwa ne don abu mara daɗi ya fi maƙalewa a kunne, ya fi kuma zuwa da labari mai lamba da shekara. Ka bi kalmomin siffa ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta cikin alamar ɗauko magana ka tambayi kanka wa ya faɗe ta. In akwai abokin aiki da ke da hurumin ganin fayil ɗin, ka ba shi ya karanta ya gaya maka me ya fahimta game da katan 14 ɗin nan, idan ya ce "ai kaya ne suka ɓace a hannunsa" to jimlar ba ta fita ba, ka sake ta.

Idan an kira mutum biyu ko uku a kan mai neman aiki ɗaya, kowanne ka yi masa tasa takardar tukuna kafin a haɗa, kar ka narkar da su ka ce "masu shaida sun ce", don sau da yawa mutum ɗaya ne ya faɗa. Rikodin ɗin kuma ba abin turawa a zauren sada zumunta na ofis ba ne, a ajiye shi inda masu yanke hukuncin kaɗai za su iya buɗewa, a rubuta ranar da aka yi kiran da ranar da aka yi taƙaitawar a saman takardar, idan wa'adin da ƙa'idar wajen aikinku ta sa ya cika a goge shi, har da kwafin da ya rage a wayar wanda ya yi kiran.